Wa Zai Fara Karanta Maka Kafin Mai Tacewa?

Duk wanda yake cikin zaurukan karanta littattafan Hausa a WhatsApp ya san abin da ke biyo baya idan marubuciya ta saki sabon shafi. Kafin minti goma addu'o'i sun cika wuri: Allah ya ƙara basira, alƙalaminki ya fi takobi, Anti don Allah a ƙara mana yawan shafi. Addu'a abin so ce, ba mai ƙin ta. Amma marubucin da ya kammala daftarin littafinsa, yana son sanin ko labarin ya tsaya da ƙafafunsa, ba zai tsinci komai a cikin waɗannan kalamai ba. Ba su gaya masa a wane babi mai karatu ya fara hamma ba, ba su gaya masa cewa tun shafi na 20 an gano wanda ya sace takardun gidan ba, alhali shi yana ɓoyon sirrin har shafi na 180.

Akwai wani mataki tsakanin gama rubutu da kai shi wurin mai tacewa, wanda yawancin marubutanmu ke tsallakewa. Shi ne a ba mutane kaɗan, waɗanda aka zaɓa da gangan, su karanta daftarin tun yana ɗanye, su faɗi abin da ya same su lokacin da suke karantawa. Aikinsu dabam ne da na mai tacewa. Shi mai tacewa yana bin jimla jimla, yana sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, yana haɗe "ya na" ta koma "yana", yana raba abin da aka haɗe bisa kuskure. Mai karatun farko kuwa ba ruwansa da wannan. Shi shaida ne: ya shiga labarin ba tare da ya san inda aka dosa ba, ya fito ya ba da rahoto.

Dalilin da ya sa shi ne ya kamata ya riga mai tacewa ba boyayye ba ne. Mai tacewa kuɗi ake biyansa, sau da yawa gwargwadon yawan shafuka, ko kuma alfarma aka roƙa wadda ba a roƙo sau biyu. Idan ya gyara ƙa'idojin rubutu a babi 30, daga baya aka gano babi 6 ba su da aiki a labarin kuma dole a zubar da su, an yi asarar kuɗi da lokaci. Akwai kuma asarar da ta fi wannan ɓoyuwa. Babin da aka riga aka goge shi ya yi sumul yana da wuyar yarwa. Marubuci zai riƙa nema masa hujjar zama don kawai ya sha wahala a kansa.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata marubuciya a Kano ta gama littafi mai shafi 200. Tauraruwar labarin, mu kira ta Hajara, amarya ce a gidan wani ɗan kasuwar Kantin Kwari mai mata biyu da 'ya'ya. Mijin ya rasu, dangi suka taso, aka je kotu, a ƙarshe Hajara ta karɓi rabonta ta kafa sana'a, ta auri wani basakkwace da ya daɗe yana son ta. Wa ya kamata ya fara karanta wannan?

Na farko, mace irin wadda aka rubuta littafin domin ta. Ba marubuciya ba, ba malamar jami'a ba. Matar da ke sayen littafi ko biyan kuɗin karatu a waya, wadda ta karanta ɗaruruwan irinsa, wadda idan labari ya gundure ta ajiye shi take yi ta ɗauki wani. Wannan ita ce ta fi kowa daraja, kuma ita aka fi mantawa, domin marubuta sun fi son jin ta bakin masu suna. Ba ta san kalmar "warwarar jigo" ba, amma ta san daidai wurin da ta tashi ɗora tukunya ba ta dawo ba.

Na biyu, wani marubuci, kuma zai fi kyau a ce ba aminin mai littafin ba ne. Shi zai ga abin da ke ƙarƙashin labarin: cewa babi na 3 da na 9 aiki ɗaya suke yi, cewa uwargida ba ta da wani buri nata sai mugunta. Irin wannan ana samunsa a ƙungiyoyin marubuta. Kano ta daɗe da su, tun zamanin Raina Kama, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka yi fice a cikinta, zuwa reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, da ƙungiyoyin mata irin su Mace Mutum da Kallabi. Hanya mafi sauƙi ita ce musaya: ki karanta nawa in karanta naki. Sai dai a san halin marubuci. Idan ka ba shi labarinka, rabin hankalinsa yana kan yadda shi zai rubuta shi da a ce nasa ne.

Na uku, wanda ya san fannin da labarin ya shiga. A littafin Hajara akwai rabon gado da takaba da zaman kotu, don haka ana bukatar malamin da ya karanci ilimin gado, ko wanda ya yi aiki a kotun shari'ar Musulunci. Wannan ba sai an ɗora masa shafi 200 ba. A ciro masa shafuka goma sha biyun da abin ya shafa. Haka kuma maganganun basakkwacen nan, a tattara su a ba mutumin Sakkwato ko Gusau ya duba. Bakano yakan ɗauka idan ya sa "mi" a maimakon "me", ya sa "gidanai" a maimakon "gidansa", shi ke nan ya yi Sakkwatanci. Mai harshen zai karanta layi biyu ya ji an yi masa kwaikwayo, kamar yadda ake yi a wasan barkwanci, kuma daga nan ya daina ɗaukar mutumin da muhimmanci.

Mutum huɗu ke nan, kuma sun isa. Ɗaya ya yi kaɗan, domin ba za a iya bambance ra'ayinsa da lahanin littafin ba. Goma sun yi yawa: kowa zai ja nasa gefe, marubuciya ta rasa na kamawa. Miji da ƙanwa da babbar ƙawa su karanta idan suna so, amma kada a ƙirga su. Ba don ba su da hankali ba. Sun riga sun ji labarin a baki tun ana rubuta shi, saboda haka duk gibin da ke kan takarda za su cike shi da abin da suka sani, ba tare da sun lura akwai gibi ba.

Yanzu ga inda abin ya fi wuya a wurinmu. Bahaushe yana da kara. Ba ya duban idon wanda ya kwana wata shida yana rubutu ya ce masa abin bai yi daɗi ba, balle idan marubucin ya girme shi ko yana da suna. Wanda duk ya miƙa daftari ya ce "duba min, ka faɗa min gaskiya," amsar da zai samu ita ce "wallahi ya yi, sai ɗan abin da ba a rasa ba." Mai karatun bai yi ƙarya ba. An yi masa tambayar da ba ta da amsa sai yabo ko cin fuska, ya zaɓi wanda tarbiyyarsa ta koya masa.

Maganin wannan shi ne a daina tambayar mutum hukuncinsa a kan littafin, a tambaye shi labarin kansa. "Ya yi kyau?" hukunci ne. "A ina kika ajiye shi karon farko, kuma me kika tashi yi?" labari ne, kuma ba wanda zai ji nauyin amsa shi. Idan ta ce ta ajiye a babi na 4 ta je kasuwa, sai bayan kwana uku ta tuna da shi, an sami abin da ake nema ba tare da kowa ya ɓata wa kowa ba. Littafin da ya kama mutum ba ya bari a manta da shi kwana uku.

Ga irin saƙon da marubuciyar tamu za ta iya tura wa mai karatunta ta farko:

"Yaya, ga littafin da na ce miki. Bai je wurin mai tacewa ba, don haka za ki ga kurakuran rubutu da yawa, ki bar su kawai, akwai mai gyara su. Abin da nake so, duk inda kika ji kin gaji ko kika tsallake, ki rubuta min lambar shafin. Duk inda kika koma baya don ba ki gane wa ke magana ba, shi ma haka. Idan kin kai ƙarshen babi na 10 ki tsaya, ki turo min saƙon murya ki gaya min yadda kike zaton labarin zai ƙare. Nan da mako uku nake so in fara gyara. Idan ba ki sami sarari ba ki gaya min, ba komai wallahi."

Kowace jimla a nan tana da aikinta. Cewa a bar kurakuran rubutu yana toshe mafakar da mai karatu ya fi so. Idan ba a toshe ta ba, zai dawo da jerin wuraren da aka rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", ya ji ya sauke nauyi, ba tare da ya taɓa labarin ba. Neman lambar shafi yana mayar da "tsakiyar ta ɗan yi tsawo" ta zama "daga shafi na 61 zuwa na 78", abin da za a iya buɗewa a duba. Shi ya sa dole daftarin ya kasance da lambobin shafi, kuma kowa a ba shi kwafi iri ɗaya, a PDF ko a takarda, don kada shafi na 61 na wannan ya zama na 70 a wayar wancan. Tsayawa a tsakiya a yi hasashe kuwa ita ce kaɗai hanyar gane ko sirrin labari ya ɓoyu. Idan aka bari sai mutum ya gama, ba zai iya tuna abin da ya zata a da ba. Wa'adi yana hana daftari kwana wata huɗu a wayar mutum, ƙofar fita da aka bari a buɗe kuma tana hana a riƙa ɓuya wa juna a wurin biki.

Batun saƙon murya ba ƙaramin abu ba ne. Mutane da yawa da ke karanta Hausa da sauri ba su saba rubuta dogon bayani da ita ba. Idan aka ce su rubuta, layi biyu za su yi. Idan aka ce su yi magana, sai su yi minti bakwai, har su shiga faɗa da Hajara kamar maƙwabciyarsu ce, kuma a cikin wannan faɗan ne gaskiya take fitowa. Akwai ma wadda ba za ta karanta ba sam, ta fi sabawa da jin littafi a rediyo. Ita a zauna a karanta mata babi biyu a bayyane, ana kallon fuskarta. Inda ta ce "wai wace ce Ladidin nan kuma?" an san mutanen labarin sun yi yawa ko an daɗe ba a ambaci wannan ba.

Idan an gama karatu, akwai tambaya ɗaya da nake ganin ta fi sauran amfani: a ce wa mai karatu ya ba da labarin gaba ɗaya a taƙaice, kamar yana gaya wa wanda bai karanta ba. Abin da ya ambata shi ne ya zauna masa. Abin da ya tsallake, ko da marubuciya tana ganin shi ne zuciyar littafin, bai isa gare shi ba. Kuma a lokacin da yake magana, aikin marubuciya shiru ne da rubutawa. Da zarar ta ce "a'a, ai abin da nake nufi shi ne", an gama. Mai karatu zai ce "au, haka ne, yanzu na gane," ya ja bakinsa, kuma ba zai sake buɗe shi ba. Ita kuwa ba za ta bi kowane kwafi gida gida tana bayanin abin da take nufi ba.

To, a ce amsoshi sun dawo. Malamin gado ya ce akwai kuskure: a littafin, kotu ta ba kowace matar mamacin tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na dukiyar. A shari'a kuwa, idan mamaci ya bar 'ya'ya, tumuni ɗaya ne matan suke rabawa a tsakaninsu, ko su nawa ne. Dukiyar a labarin naira miliyan 16 ce bayan an biya bashi. Tumuninta miliyan 2. Mata biyu, kowace miliyan 1, ba miliyan 2 da aka rubuta wa Hajara ba. Ya kuma lura an ɗaura mata aure wata uku bayan rasuwar, alhali takaba wata huɗu da kwana goma ce ga wadda ba ta da ciki. Wannan ba ra'ayi ba ne, ba a kuma jiran mutum na biyu ya maimaita shi. Gyara ya zama dole. Kuma duba yadda gyaran yake bin labarin: shagon da Hajara ta kama da jarin da ta zuba an lissafa su ne a kan miliyan 2, don haka ko a ƙara yawan dukiyar tun daga babi na farko, ko a rage girman sana'ar, ko kuma, wanda ya fi armashi, a bar kuɗin su gaza mata, a ga yadda za ta yi. Babi uku za su motsa. Da mai tacewa ya riga ya bi ta kansu, da aikinsa ya tafi a banza.

Sai kuma abin da mutum biyu suka haɗu a kai ba tare da sun san juna ba. Mai karatu ta farko ta ce ta tsallake daga shafi na 61 zuwa na 78, wato shagalin bikin ƙanwar Hajara: kamu, sa lalle, wunin biki, kayan lefe akwati akwati. Marubucin nan kuma ya ce a cire babin gaba ɗaya. Wuri ɗaya suka nuna, don haka akwai matsala a wurin. Amma maganin da aka kawo ba dole ba ne a sha shi. Mai karatu kamar wanda aka ba ɗanɗanon miya ne: idan ya ce wani abu ya yi kaɗan, a yarda da harshensa, amma ko gishiri ne ko daddawa, mai tukunya ce za ta gano. Marubuciyar ta san a wurin bikin ne uwargida ta fara jin labarin takardun gidan, kuma in aka cire shi babi na 15 ba zai yi ma'ana ba. Ashe ciwon ba bikin ba ne. An binne abu mai muhimmanci ne a ƙarƙashin shafi 17 na atamfa da leshi. Sai ta rage shi zuwa shafi 5, ta matso da maganar takardun zuwa farkonsa.

Na uku shi ne abin da mutum ɗaya kawai ya faɗa, kuma ya shafi son rai. Marubucin ya ce bai so Hajara ta sake aure ba, ya fi so ta tsaya da ƙafarta. Mai karatu ta farko kuwa wannan auren shi ne ya sa ta yi guɗa. A nan ba a bin kowa bashi. A yi godiya, a rubuta, a bar shi ya kwana mako guda. Idan bayan mako maganar tana nan tana cizo, wataƙila ta taɓa wani shakku da marubuciya ke da shi tun da. Idan ta wuce, ta wuce.

Shiru ma amsa ne, ko da yake ba a cika son jin ta ba. Idan mutum biyu cikin huɗu ba su gama ba, kada a yi fushi, kada kuma a matsa. A tambaye su shafin da suka tsaya kawai. In duk a kusa da wuri ɗaya ne, sun yi aikinsu.

Akwai tsoron da ke hana marubuta da yawa fitar da daftari, kuma tsoro ne mai dalili. Littattafan Hausa suna yawo daga zaure zuwa zaure ba da izinin masu su ba, wani lokaci har a canza suna, wani lokaci a ji ana karanta su a YouTube. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta da dokar 2022, haƙƙin marubuci yana tabbata da zarar ya rubuta aikinsa, ba sai ya yi rajista ba. Amma samun haƙƙi dabam, iya nuna wanda ya fitar da kwafi dabam. Dabara mai sauƙi ita ce a rubuta sunan kowane mai karatu a ƙasan kowane shafi na kwafinsa, a tura masa shi kaɗai, ba a cikin zaure ba, a kuma gaya masa a fili cewa amana ce. Wanda ba a sani sosai ba, a fara ba shi babi uku. Hakan ma gwaji ne: za a ga ko yana dawo da magana mai amfani kafin a ba shi saura.

Masu shirin shiga gasa su ƙara kula. Gasa irin Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don gajerun labarai, tana da iyakar yawan kalmomi, kuma gasanni sukan shar'anta cewa labarin bai taɓa fita ba. Tura wa mutum uku a keɓe ba wallafawa ba ne. Sakin sa a zaure mai mutum ɗari biyu don a ji ra'ayi yana iya zama. A gajeren labari kuma tambayar da ta fi dacewa ta ɗan sauya: tunda wurin ƙanƙani ne, a ce wa mai karatu ya nuna sakin layin da in an cire shi ba zai ji an rasa komai ba.

Bayan an yi gyare-gyaren nan, kada a mayar wa mutanen farko don a ji ko ya gyaru. Sun riga sun san wanda ya sace takardun, sun san Hajara za ta yi aure, ba za su ƙara iya karanta littafin a matsayin baƙi ba. Malamin gado kaɗai za a sake nuna wa sabon lissafi. Shi ya sa tun farko ake ajiye mutum ɗaya ko biyu a gefe, waɗanda ba su taɓa ganin ko shafi ɗaya ba. Su za a ba sabon daftarin, da tambayoyi iri ɗaya, har da tsayawa a babi na 10. Idan wannan karon ba wanda ya ambaci bikin, kuma hasashensu ya sha bamban da juna, sai a kira mai tacewa a yi cinikin shafuka.